Riba biyu a wata ɗaya: ta majinal ko ta abzofshan, wacce zan gaya wa kawu?

"Salamu alaikum Malam. Ni nake riƙe da lissafin wata ƙaramar masana'antar sabulun wanki ta kawuna a Sharaɗa, kuma ina shirin jarrabawar ƙwararrun akawu ta ICAN. A Janairu mun buga katan 3,000 mun sayar da 2,200 akan naira 10,000 kowanne. Kayan haɗi da kwali da kuɗin leburori naira 6,000 ne a katan, tsayayyen kuɗin masana'anta miliyan 6 a wata, na ofis miliyan 1 da rabi. Da na bi majinal kostin riba ta fito miliyan 1 da dubu 300, da na bi abzofshan kostin ta fito miliyan 2 da dubu 900. Kawu yace in daina yi masa turanci in faɗa masa wacce ce ribarsa. Don Allah daga ina miliyan 1 da dubu 600 ɗin nan ta fito?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Lissafinka duka biyun daidai suke, kar ka goge ko ɗaya. Kuɗin da kake nema yana cikin sitonku, a jikin katan 800 ɗin da ba a sayar ba. Raba miliyan 1 da dubu 600 gida 800 zaka samu naira 2,000, sannan raba miliyan 6 ɗin masana'anta gida 3,000, nan ma naira 2,000 zaka samu. Ba dace aka yi ba, abu ɗaya ne.

Hanyoyin nan biyu babu inda suka saɓa akan ciniki, babu inda suka saɓa akan naira 6,000 na man kwakwar manja da kostik soda da turare da kwali da ladan masu yanka sabulu, haka kuma kuɗin ofis duk sun yarda watan da aka kashe shi nan zai faɗa gaba ɗayansa. Rigimar akan abu ɗaya ce tak, wato miliyan 6 ɗin nan da masana'anta take ci kowane wata ko an kunna inji ko ba a kunna ba, hayar wurin, albashin injiniya da sufabaiza da masu gadi, inshora in kuna da ita, da kason tsufan injina da ake cirewa. Majinal tace wannan kuɗin na wata ne, Janairu ta zo ta wuce ta cinye shi, a cire shi duka daga ribar Janairu. Abzofshan kuma tace a'a, ai don a yi sabulu aka biya hayar nan, saboda haka kuɗin na sabulu ne, kowane katan ya ɗauki rabonsa na naira 2,000, kuma ba za a lissafa shi a matsayin kashewa ba sai ranar da katan ɗin ya fita daga sito aka sayar.

To kaga a wajen majinal katan ɗaya naira 6,000 ya tsaya muku, a wajen abzofshan naira 8,000.

Mu bi Janairu a hankali

Ta majinal, kowane katan da aka sayar ya bar naira 4,000 bayan an cire 6,000 daga 10,000, wannan rarar ita 'yan akawu suke kira kwantiribushan. Katan 2,200 sun kawo miliyan 8 da dubu 800. Ka cire miliyan 6 na masana'anta duka, ka cire miliyan 1 da rabi na ofis, saura miliyan 1 da dubu 300. Katan 800 na sito kuma an rubuta su akan 6,000, wato miliyan 4 da dubu 800.

Ta abzofshan, kowane katan ya bar naira 2,000 ne kawai tunda 8,000 ya tsaya, katan 2,200 sun bada miliyan 4 da dubu 400, ka cire na ofis, saura miliyan 2 da dubu 900. Yanzu tambayi kanka, a cikin miliyan 6 ɗin nan nawa aka cire a wannan lissafin? 2,200 sau 2,000, miliyan 4 da dubu 400 kenan. Ragowar miliyan 1 da dubu 600 bata ɓata ba kuma ba a yafe muku ita ba, mai gidan haya ya riga ya karɓi kuɗinsa, masu gadi sun karɓi albashi. An dai lulluɓe ta ne a cikin darajar katan 800 ɗin, shi yasa a wannan lissafin aka rubuta su akan miliyan 6 da dubu 400. Hayar Janairu ta koma kadara a balans shit, wato takardar kadarori da basussukan kamfani, tana zaune tana jiran mai saye.

Nan mutane da yawa suke tsayawa su haddace cewa "abzofshan tafi bada riba", kuma wannan hadda ita take kayar da su a jarrabawa da ma wajen aiki. Bari mu ci gaba da kamfaninku wata biyu gaba, da farashi da komai yadda yake.

A ce a Fabrairu kun buga 3,000 kun sayar da 3,000. Majinal: 3,000 sau 4,000 miliyan 12, cire miliyan 7 da rabi, riba miliyan 4 da rabi. Abzofshan: 3,000 sau 2,000 miliyan 6, cire miliyan 1 da rabi, riba miliyan 4 da rabi. Daidai wa daida. Ka lura har yanzu akwai katan 800 a sito, amma bambanci ya ɓace, saboda miliyan 1 da dubu 600 ta shigo daga Janairu a jikin kayan da aka buɗe wata da su, wata miliyan 1 da dubu 600 kuma ta fita zuwa Maris a jikin kayan da aka rufe wata da su, suka kashe juna. Ba yawan kayan da ke sito ne yake kawo bambanci ba, ƙaruwarsu ko raguwarsu ce. Ko katan dubu 50 ne a jibge, in dai da adadin da aka buɗe da shi aka rufe kuma rabon kowane katan bai canja ba, riba ɗaya zaka gani.

Sai Maris, a ce kasuwa ta buɗe, dilolin Singa sun yi ta ɗiba, amma inji ya tsaya kwanaki saboda gyara, kun buga 2,400 kacal kun sayar da 3,200, sito ya zama fayau. Majinal bata da matsala, 3,200 sau 4,000 miliyan 12 da dubu 800, cire miliyan 7 da rabi, riba miliyan 5 da dubu 300. Abzofshan sai an ɗan nutsu. 3,200 sau 2,000 miliyan 6 da dubu 400. Amma katan 2,400 da aka buga sun ɗauki miliyan 4 da dubu 800 ne kawai daga cikin miliyan 6, akwai miliyan 1 da dubu 200 da babu katan ɗin da zai ɗauke ta, rabon katan 600 da ba a buga ba. Wannan shine anda abzofshan, kuma ba a ajiye shi, a watan ake cire shi. To miliyan 6 da dubu 400, cire miliyan 1 da dubu 200, cire miliyan 1 da rabi, saura miliyan 3 da dubu 700. Yanzu majinal ce a sama, da miliyan 1 da dubu 600 cif. Hayar Janairun da aka ɓoye a sito ita ce ta fito a Maris ta ci ribar Maris.

Haɗa wata ukun ka gani. Majinal 1.3 da 4.5 da 5.3, miliyan 11.1. Abzofshan 2.9 da 4.5 da 3.7, miliyan 11.1. Daga sito babu komai zuwa sito babu komai, ribar ɗaya ce ko ta ina ka biyo. Abin da suke jayayya akai shine wane wata za a jingina wa kuɗin, kamar bashin mai shago ne da aka ce a rubuta sai ƙarshen wata, ɗagawa aka yi ba yafewa ba.

Ƙa'idar da zaka riƙe kenan:

ribar abzofshan − ribar majinal = tsayayyen kuɗin da ke cikin kayan rufewa − tsayayyen kuɗin da ke cikin kayan buɗewa

Da gangan na rubuta ta da kuɗi ba da katan ba. Littattafai da yawa suna cewa canjin adadin kaya sau rabon kowane ɗaya, wannan yana aiki ne kawai in rabon bai canja ba daga wata zuwa wata ko shekara zuwa shekara. A yanayin da muke ciki kuwa wa zai ce maka haya da albashi za su tsaya waje ɗaya? A ce shekara ta juyo, an ƙara haya, tsayayyen kuɗi ya koma miliyan 7 da rabi, rabon katan ya zama 2,500. Kun buɗe da tsofaffin katan 800 masu ɗauke da 2,000, su aka fara sayarwa har suka ƙare, kun rufe da sabbin 800 masu ɗauke da 2,500. Adadi bai motsa ba amma abzofshan zata fi majinal da naira dubu 400. In da katan ka haddace ƙa'idar sai ka kwana kana neman kuskuren da babu shi.

Wani abu kuma, kar ka ɗora laifin bambancin akan anda ko oba abzofshan, shi oba kishiyar anda ne, wato katan su ɗauki fiye da abin da aka kashe. Na ga ɗalibai da yawa suna sa shi a cikin daidaita ribar biyu. A Maris anda abzofshan miliyan 1 da dubu 200 ne, bambancin riba kuma miliyan 1 da dubu 600, ko kusa basu haɗu ba. A Janairu babu anda babu oba sam, amma ga bambanci nan. Shi aikinsa kawai ya gyara tazarar da ke tsakanin abin da katan suka ɗauka da abin da aka kashe da gaske.

Inda abin yake zama haɗari

Ka sake duba wata ukun nan da idon ɗan kasuwa. Daga Fabrairu zuwa Maris ciniki ya ƙaru daga 3,000 zuwa 3,200, majinal ta nuna riba ta hau, abzofshan ta nuna riba ta sauka daga 4.5 zuwa 3.7. Je ka gaya wa kawu cewa watan da yafi kowanne ciniki riba ta ragu, kaji abin da zai ce maka. Dalili shine ribar majinal ciniki kawai take bi, ita kuwa ta abzofshan tana bin ciniki kuma tana bin yawan abin da aka buga. Ma'ana ana iya ƙara riba a takarda ba tare da an sayar da ko sanda ɗaya ta sabulu ƙari ba, inji kawai za a bari yayi ta gudu.

Gwada da Janairunku. A ce an matsa an buga 4,000 maimakon 3,000, ciniki yana nan 2,200. Majinal ko gezau, miliyan 1 da dubu 300. Abzofshan kuma in ka bar rabon a 2,000, katan 4,000 sun ɗauki miliyan 8 alhali miliyan 6 aka kashe, an samu oba abzofshan na miliyan 2 da za a mayar cikin riba, sai ta tashi miliyan 4 da dubu 900. Riba ta kusa ninka ta majinal sau huɗu, a daidai lokacin da aka binne tsabar kuɗi miliyan 10 da dubu 800 a cikin katan 1,800 da babu mai saye. Takarda tana cewa a raba riba, asusun banki kuma yana cewa babu na sayen man wata mai zuwa.

Na taɓa zuwa duba lissafin wata masana'anta da manajan yake da kaso a cikin ribar shekara. Ciniki ya tsaya cak kusan shekara biyu amma riba sai hawa take, masu jari suna ta murna. Bamu gano komai a ofis ba, takardu tsaf suke, babu wanda ya saci sisi. Da muka shiga sito ne muka ga zancen. Katan an jera su har sun kusa taɓa kwano, na ƙasa sun lotse saboda nauyi, gefensu yayi duhu da danshin da ya taso daga siminti, na sa aka zaro ɗaya daga can ƙuryar, kwanan watan da aka buga a jiki ya haura wata goma. Sito kifa yana tsaye yana ta cewa "ai duk lafiyarsu ƙalau yallaɓai". Wata ukun ƙarshe na kowace shekara nan ake ƙara shif ɗin dare. Shi manajan zai ce maka yana tanadi ne kafin kaya su tashi, kuma ba lallai ƙarya yake ba, amma tsarin da aka ɗora ladansa akai shi yake tura shi can. Alamar da zaka riƙa dubawa mai sauƙi ce, riba tana hawa, ciniki baya hawa, kuɗin banki yana sauka, kwanakin da kaya suke yi a sito suna ƙaruwa. In ukun cikin huɗun nan suka haɗu to ka tashi daga kan kwamfuta ka je sito.

To me yasa ba a watsar da abzofshan ba?

Na farko doka. Ƙa'idar IAS 2 da take magana akan kayan sito tace kuɗin sarrafa kaya ya haɗa da rabon tsayayyen kuɗin masana'anta, kuma Najeriya ta fara bin ƙa'idojin lissafi na duniya IFRS tun 2012 daga manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, ƙananan suka biyo baya, su ma ƙa'idarsu ta ƙananan kamfanoni sashe na 13 haka tace. Don haka lissafin ƙarshen shekara da odita zai sa wa hannu, wanda za a kai banki ko hukumar haraji, da abzofshan za a ƙiyasta kayan sito, babu zaɓi.

Amma su ma masu ƙa'idar sun san ramin da na nuna maka, sun sa masa shinge uku. Rabon za a yi shi ne akan abin da masana'anta ta saba bugawa a yanayi na yau da kullum, ba abin da aka buga a watan ba, shi yasa a Maris bamu raba miliyan 6 gida 2,400 muka ce katan ya ɗauki 2,500 ba, asarar zaman inji a watan take faɗawa. In kuma an buga fiye da ƙima to dole a rage rabon don kar a rubuta kaya sama da abin da aka kashe musu, wato a misalin 4,000 ɗin nan rabon zai sauka zuwa 1,500, ribar ta zama miliyan 4 ba 4.9 ba. Ka lura shingen ya rage kumburin ne kawai bai hana shi ba, har yanzu akwai miliyan 2 da dubu 700 a saman ta majinal. Na uku, ba a rubuta kaya sama da abin da za su iya kawowa in an sayar bayan an cire kuɗin sayarwar. Sabulun da ya bushe ya rage nauyi, ƙamshi ya gudu, kwali ya yage, in dila ba zai biya fiye da 7,000 ba to ba zaka bar shi akan 8,000 ba, sai an sauke shi, kuma saukewar a ribar wannan lokacin zata fito.

Dalili na biyu kuma, maganar gaskiya abzofshan tana da hujja ba doka kaɗai ba. Akwai sana'ar da tara kaya shine tsarinta. Mai yin takalma ko atamfa ko lemon kwalba da yake bugawa tun watanni kafin azumi don kasuwar Sallah, in ka bi majinal zaka nuna masa asara wata da watanni sannan riba mai ban tsoro a wata ɗaya, alhali hayar waɗancan watannin don kayan Sallar aka biya ta. A irin wannan abzofshan tafi kusa da yadda shi mai sana'ar yake ganin abinsa. Haka wajen yanke farashi na dogon zango, wanda ya saba kallon 6,000 a matsayin kuɗin katan wata rana zai sayar 7,000 yana ganin yaci riba, shekara ta ƙare bai haɗa kuɗin haya ba. Tambayar da nake yi kullum ita ce, kayan nan da aka tara akwai mai jiransu ko kwantai ne? In akwai oda a ƙasa ko lokacin kasuwarsu sananne ne, ɗage kuɗin zuwa gaba adalci ne. In kwantai ne to ɓoye asara ake yi ko da ba da niyya ba.

Wajen yanke shawara ta yau da gobe kuwa ni majinal nake bi ba tare da wani dogon tunani ba. A ce wani Alhaji daga Maraɗi yazo yace zai ɗauki katan 600 akan 7,200 a watan da injinku yake zaune. Takardar abzofshan zata ce faɗuwar 800 a kowane katan, a ƙi. Amma miliyan 6 ɗin nan zaku biya ta ko ya saya ko bai saya ba, abin da zai ƙaru 6,000 ne kawai, don haka kowane katan zai bar 1,200, jimla dubu 720 da ba don shi ba babu ita. Sai dai a tabbata kayan sun tsallaka da gaske, in suka juyo suka shigo kasuwar Kano akan 8,500 kun kashe farashinku da hannunku, wannan kuma babu lissafin da zai nuna maka shi, kawu ya fi mu sanin wannan ɓangaren.

Ita ma majinal tana da nata rauni, kuma a ƙasar nan ba ƙarami bane. Duk ginin yana kan cewa zaka iya raba kuɗi gida biyu, mai bin yawan kaya da tsayayye. To dizal fa? Janareto yana shan mai ko layi ɗaya ake gudu ko biyu, amma yana ƙara sha in aiki ya ƙaru. Leburorin da ake kira na kullum amma ba a iya sallamarsu ranar da babu aiki saboda 'yan unguwa ne ko 'yan uwa, a takarda masu bin kaya ne, a zahiri tsayayyu ne. Abin da nake yi shine in ɗauki watan da aka fi bugawa da wanda aka fi ƙarancin bugawa, in ga nawa kuɗin wuta da mai ya ƙaru tsakaninsu, in raba da ƙarin katan, wannan ya bani na kowane katan, ragowar in tura shi tsayayye. Kintace ne, kuma in farashin mai ya canja tsakanin watannin biyu sai kayi da lita ba da naira ba. Duk abin da ka tura ɓangaren tsayayye yana ƙara faɗin tazarar ribar biyu, to ka zaɓi rabo ɗaya ka tsaya akai, kar kana canjawa duk wata.

Abin da zaka gaya wa kawu

Ni da nine kai ba zan ambaci sunan ko ɗaya a gabansa ba. Zan ce, Kawu, cinikin Janairu bayan an biya komai da komai ya bar miliyan 1 da dubu 300, wannan ita ce wacce za a iya magana akanta yau. Akwai katan 800 a sito da muka zuba wa miliyan 4 da dubu 800, in aka sayar da su akan farashi za su kawo rarar miliyan 3 da dubu 200. Takardar da zamu kai banki zata nuna 2.9 saboda doka tace a jingina wani ɓangare na haya da albashi a jikin kayan sito har sai an sayar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana da kaya zai gane wannan nan take. In kuma akwai masu jari da ake raba riba da su, ko wani zai fita wani zai shigo a tsakiyar shekara, a zauna tun yanzu a rubuta wacce za a bi, don wanda ya fita a ƙarshen Janairu akan 2.9 ya tafi da rabon ribar kayan da ba a sayar ba, wanda ya zauna shi zai biya a Maris.

A littafinka kuma kayi rahoton wata da majinal, a ƙasansa ka ƙara layi uku, tsayayyen kuɗin da ke cikin kayan rufewa, wanda ke cikin kayan buɗewa, sai ribar abzofshan. In ka buɗe Excel ka sa ribar majinal a B1, katan rufewa a B2 da rabonsa a C2, katan buɗewa a B3 da nasa rabon a C3, wannan ya isa:

```
=B1+(B2*C2)-(B3*C3)
```

Ranar da amsar ta ƙi dacewa da ribar abzofshan da ka fitar daban, wurare kaɗan ne matsalar take ɓuya. Ka fara duba ko ka cusa kuɗin ofis ko na talla ko na motar kai kaya a cikin rabon katan, basa shiga, na cikin masana'anta kaɗai ake rabawa. Ka duba ko ka raba da adadin da aka sayar maimakon wanda aka saba bugawa. Ka duba ko ka manta da anda ko oba abzofshan a watan da bugu ya kauce wa 3,000. Sai kayan da suke tsakiyar aiki, sabulun da aka dafa aka zuba yana shan iska ba a yanka ba, shima yana ɗauke da nasa kason gwargwadon inda aikin ya kai, in kun saba barin da yawa a ƙarshen wata sai ka sa shi a lissafin. Durom ɗin mai da buhunan kostik soda da ba a taɓa ba kuwa babu ruwansu da wannan zancen, akan kuɗin sayensu suke a hanyoyin biyu. In duk wannan daidai ne kuma har yanzu bai haɗu ba, to adadin katan ɗin ne ba daidai ba, ka ɗauki sito kifa ku je ku ƙirga da hannu.